Rajistar Haɗurran Aiki: Ginin Asibiti Mai Hawa Biyu (Bita ta 3, Mako na 6)

Daga manajan aiki zuwa ga injiniyoyi, ɗan kwangila da wakilin mai gini.

Kowane haɗari an ba shi lamba daga 1 zuwa 5 a kan yiwuwar faruwarsa, da wata lambar daga 1 zuwa 5 a kan ɓarnar da zai yi, sannan aka ninka su. Maki 15 zuwa 25 ja ne, ana duba shi kullum. Maki 8 zuwa 14 rawaya ne, duk mako. Ƙasa da 8 kore ne.

1. Ruftawar ramin harsashi. Yiwuwa 4, ɓarna 5, maki 20. A bitar baya maki 10 muka ba shi, amma ramin gefen gabas ya kai zurfin mita 2, ƙasar wurin kuma sako-sako ce, ga ruwa yana tsatstsafowa. Ba wanda zai sake shiga sai an tokare bangon ramin da katako, an kuma janye tulin ƙasar da ke bakinsa. Ranar da aka yi ruwa, injiniyan fili ne zai fara dubawa kafin lebura ya sa ƙafa. Wannan a wuyansa yake.

2. Jinkirin isowar rodi. Yiwuwa 4, ɓarna 4, maki 16. Dila ɗaya muka dogara da shi, ya kuma saɓa alkawari sau biyu. Jami'in sayayya ya nemo na biyu kafin mako na 8.

3. Faɗowa daga sama. Yiwuwa 3, ɓarna 5, maki 15. Makinsa bai kai na rodi ba, amma a wurina ya fi shi nauyi, domin jinkiri ana ramawa, rai kuwa ba a mayar da shi. Duk haɗarin da ɓarnarsa ta kai 5 zan riƙa duba shi da kaina, ko nawa ne makinsa. Jami'in kariya ya tabbatar an kafa shinge a bakin bene kafin birkiloli su hau, kowa da hular kwano da igiyar ɗamara.

4. Kankare marar ƙwari. Yiwuwa 2, ɓarna 5, maki 10. A ɗebi samfuri a kowane zubi, a gwada a kwana 7 da kwana 28. Kada a cire katakon tokare sai injiniyan tsari ya sa hannu.

5. Mai gini ya sauya zane. Yiwuwa 3, ɓarna 3, maki 9. Sauyin baki ba ya aiki, sai a rubuce.

6. Satar siminti. Yiwuwa 2, ɓarna 2, maki 4. Mai kula da sito ya ƙirga buhuna safe da yamma.

An rufe haɗarin jinkirin izinin gini, takarda ta fito. Bita ta gaba mako na 7, da ramin gabas za mu fara.