Wasiƙar Neman Sunan Wani Tsohon Shirin Dare

14 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Hulɗa da Masu Kallo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan gidan talabijin, na rubuto ne ina neman taimakonku a kan wani wasan kwaikwayo da kuka nuna shekara 39 da suka wuce. Sunan shirin da ya kawo shi nake nema, in kuma da hali, har da sunan wasan kansa.

Shirin na mako-mako ne, ana sa shi bayan labaran dare. Kowane mako da labarinsa da 'yan wasansa, sai jefi-jefi a samu labarin da ya yi tsawo a raba shi kashi biyu. Wanda nake nema yana cikin waɗanda aka raba. Ni ina cewa ranar Alhamis ake sa shi, yayana kuwa ya dage a kan Juma'a ce, saboda haka ku duba duka biyun. Shekarar kam na riƙe ta da kyau, 1986 ce. Abin da ya sa na tabbata shi ne, bayan an nuna kashi na farko sai aka ɗage na biyu da mako guda saboda gasar cin kofin duniya da aka yi a Meksiko, wadda Ajantina ta ci Jamus ta Yamma 3 da 2 a wasan ƙarshe ranar 29 ga Yuni. Yayana yana ta murnar Maradona, ni kuwa ina kuka an hana mu wasanmu. Ke nan wasan ya faɗo a cikin watan Yuni ko farkon Yuli. Shekarata 11 a lokacin.

Ga abin da nake tunawa. Da an fara shirin sai a nuno hannu yana buɗe labule, ga busar sarewa ita kaɗai, babu kiɗa. Daga nan wani mai kakkaurar murya ya yi sallama ya faɗi sunan wasan ranar. Ba a nuna fuskarsa. Akwatinmu mai baƙi da fari ne, don haka ba zan iya gaya muku launin komai ba, ko da ku a can da launi kuka ɗauka.

Labarin na wani dattijo ne mai gyaran agogo wanda idanunsa suka mutu, da jikarsa 'yar makaranta da take karanta masa wasiƙun ɗansa da ya tafi nema wata ƙasa. Ana nan sai wasiƙu suka daina zuwa. Yarinyar ta kasa gaya masa. Sai ta riƙa ɗauko tsohuwar wasiƙa ta buɗe a gabansa, tana ƙirƙiro sabon labari da bakinta: ya samu aiki, ya warke daga zazzaɓi, yana gaishe da kowa, zai zo bayan damina. Akwai wuri ɗaya da har yau nake ganinsa kamar jiya. Tana cikin karatu dattijon ya miƙa hannu ya ce ta ba shi takardar. Ya shafa ta da yatsunsa a hankali, ya bi layin ninkin da ya yi laushi don yawan buɗewa, har ya taɓa inda gefenta ya yage. Ya daɗe bai ce komai ba, agogunan bango suna ta bugawa. Sannan ya mayar mata ya ce ta ci gaba. A nan kashi na farko ya ƙare.

Daren kashi na biyu mun hallara tun kafin a gama labarai, har da yaran maƙwabta. Yarinyar ta shigo da sabon ambulan a hannu, wannan karon na gaske, fuskarta a rikice, sai wuta ta ɗauke. Ba ta dawo ba sai da kuka rufe tasha. Washegari na tambayi 'yan ajinmu, kowa da irin ƙarshen da ya ba ni, kuma na gane yawancinsu su ma ba su gani ba. Mun yi ta sa ido ko za a maimaita, ba mu dace ba.

Dalilin da ya sa na taso da maganar yanzu shi ne mahaifiyata. Shekarunta sun haura 80, kuma mantuwa ta fara kama ta, har wani lokaci takan kira ni da sunan ƙanwarta. Amma a watan jiya ina gyara mata shimfiɗa sai na ji tana rera busar sarewar nan daidai, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "Wai tsohon nan mai agogo, ya san yarinyar ƙarya take yi masa?" Na ce, "Inna, ai ba mu ga ƙarshen ba." Ta ce ita tun ranar ta san ya sani, ya ƙyale ne don kada ya kunyata yarinyar. Tun daga nan kusan kullum sai ta sake tambaya, kuma ba na so in ƙirƙira mata amsa.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. A wancan zamani a kan kaset ɗin Yumatik da na Betakam gidajen talabijin suke ɗaukar shirye-shirye, kuma saboda tsadar kaset sau da yawa akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Wanda ya tsira daga gogewa kuma zafi da danshi sukan lalata shi, zaren ya manne ko ya yi fumfuna, ga na'urorin kunna su sun yi wuyar samu. Don haka ban sa rai lallai sai an samo hoton ba. Amma takarda takan fi kaset daɗewa. Ina roƙon a duba kundin da ake rubuta abin da aka watsa kowace rana, da jadawalin shirye-shirye na zangon nan na 1986, da rubutattun wasanni in akwai su a ma'ajiyarku. Ni ma na je ɗakin karatu na duba tsofaffin jaridu, amma a daidai wannan lokacin abin da aka buga a jadawalin kawai shi ne "Wasan kwaikwayo", babu suna.

In duk wannan bai yiwu ba, don Allah ku miƙa wasiƙar nan ga wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, ko mai shirya wasanni ne, ko mai ɗaukar hoto, ko shi mai muryar nan in yana raye. Na kuma yarda ku karanta ta a filinku na saƙonnin masu kallo, wataƙila akwai wanda wutarsu ba ta ɗauke ba a daren. Ko da baki aka ba ni labarin abin da ke cikin ambulan ɗin, ya ishe ni in kai wa Inna. Idan akwai kuɗin bincike ko takardar da ake cikewa, ku sanar da ni, zan zo da kaina. Na ɗauki muryarta a waya tana rera busar, zan iya turo muku in zai taimaka wa mai binciken. Amsa za ta same ni ta adireshin da wannan wasiƙa ta fito.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa wannan gida ɗaukaka.

Taku mai kallo,
Hajara