POV: Ke Ce Autar da Baba Ke Miƙa wa Waya

Rubutun gajeren bidiyo. Tsawonsa minti 2 da daƙiƙa 40, a tsaye za a ɗauka, ma'auni 9:16, girma 1080 x 1920.

Kamara ita ce idon Auta, mai kallo kuma shi ne Autar. Ba za a ga fuskarta ba, ba za a ji muryarta ba. Hannayenta kaɗai za su fito, duk abin da ta faɗa kuma zai bayyana a rubuce a tsakiyar allo. Kada a kai rubutun can sama ko can ƙasa, domin maɓallan manhaja za su rufe shi. Wanda zai fito a Baba dattijo ne mai kimanin shekara 70, kuma idan yana magana, cikin idon kamara zai riƙa kallo, ba fuskar mai ɗauka ba. Da zarar idonsa ya kauce, mai kallo ya daina zama ɗiyarsa, ya koma ɗan kallo. Murya ta uku ita ce ta Mama, ta cikin waya kawai za a ji ta.

FITOWA TA 1 (0:00 zuwa 0:14)

Dare ne. Hannu ya tura ƙofar falo, jaka ta zame daga kafaɗa ta faɗi ƙasa. Kamara na ɗan rangaji irin na wanda ya yini a tsaye.

RUBUTUN ALLO: `POV`: kin dawo daga aiki a gajiye, Baba kuma yana jiranki da waya a hannu.

Baba na zaune a kujera, tabarau a ƙarshen hanci, ya miƙo wayar tun kafin a gama rufe ƙofa.

BABA: Yauwa Auta, sannu da dawowa. Zo ki duba min abin nan.

AUTA (a rubuce): Baba, bari in ɗan watsa ruwa tukuna.

BABA: Ai ba wani aiki ba ne. Minti ɗaya.

Kamara ta dubi hanyar ɗaki, ta dawo kan Baba, ta sake duban ɗakin. A ji ajiyar zuciya. Hannu ya karɓi wayar, kamara ta sauko daidai tsayin wanda ya zauna a gefensa.

FITOWA TA 2 (0:14 zuwa 0:50)

Allon wayar Baba ya cika hoton. Gilashin ya tsage a kusurwa ɗaya, caji saura kashi 9 cikin ɗari, ga sanarwar cewa waje ya cika.

BABA: Tun safe take ce min ta cika. Ni kuwa ban zuba mata komai ba.

Yatsan Auta ya buɗe WhatsApp, ya shiga `Settings`, sai `Storage and data`, sai `Manage storage`. A bar kowane mataki ya ɗan tsaya a allo yadda za a iya karantawa, domin akwai masu kallon da za su ɗauki tasu wayar su bi. Ta taɓa `Forwarded many times`. Hotuna da bidiyo sun yi layi: furanni masu gaisuwar safiya, bidiyo guda da aka turo sau biyar.

AUTA (a rubuce): Baba, wannan furen sau nawa aka turo maka?

BABA: Mutane ne suka tuna da ni. In ce kada su turo?

AUTA (a rubuce): To in goge?

BABA: Goge. (Ya leƙo.) A'a, ban da wannan, jikana ne ranar da ya fara tafiya. Wancan ma bar shi.

Yatsa na zaɓa yana gogewa da sauri. A nan mai tace hoto ya yi yanka gajere-gajere, uku ko huɗu, kowanne da kan Baba yana ƙara matsowa har ya kusa rufe allon.

AUTA (a rubuce): Shi ke nan, an samu waje. Ga ta.

Hannu ya miƙa wayar. Kamara ta fara miƙewa.

FITOWA TA 3 (0:50 zuwa 1:45)

Baba bai karɓa ba. Ya zare tabaransa, yana goge shi da bakin riga, idonsa a ƙasa. A bar shirun ya kai daƙiƙa uku cif. Kada a sa kiɗa a nan, ko kaɗan. Ƙarar fanka ta isa.

BABA: Auta... ba shi ne ainihin abin ba.

Kamara ta koma ta zauna.

BABA: Muryar mamanku ce ta lalace.

Ya sa yatsa ɗaya, a hankali, ya gangara ƙasan jerin saƙonni, ya wuce sunaye da yawa. Ya tsaya a kan wani suna da aka rubuta "Uwargida". Wurin hoton babu hoto, sai farin zanen nan na kai da kafaɗa.

BABA: Da farko hotonta ne ya ɓace. Yayanki ya ce haka tsarin yake, in an yi kwana 120 ba a buɗe ba sai su rufe asusun, amma saƙon da ke cikin wayata yana nan. Na haƙura. To shekaranjiya kuma sai ga wannan.

Ya buɗe hirar. Abu na ƙarshe a ciki saƙon murya ne, tsawonsa 0:19, kwanan watansa ya nuna wata bakwai da suka wuce. Ya danna.

Muryar Mama ta fito da gudu, kalmomi na hawa kan juna, ba a gane komai sai "Malam" na farko. Cikin daƙiƙa goma ta ƙare.

BABA: Kin ji? Ba haka take magana ba. Mamanku ko gobara ake yi ba ta sauri. (Ya haɗiye yawu.) Kwana biyu ke nan ban saurara ba. Na ce ko cikar wayar ce ta matse ta. Ina tsoron in ƙara taɓawa ta ida lalacewa.

Hoton ya ɗan dushe kamar ido ya kawo ruwa, sannan baƙi ya gifta sau biyu, alamar ƙiftawa. A yi shi da sauƙi, sau biyun nan kawai. Hannun Auta ya karɓi wayar, wannan karon da hannu biyu.

Ta sake danna saƙon. Kamara ta matsa kusa sosai da ɗan maɓallin da ya bayyana a gefensa yayin da muryar ke tafiya. An rubuta `2x`.

AUTA (a rubuce): Baba, ba ta lalace ba. Hannunka ne ya taɓa nan.

Yatsa ya taɓa sau ɗaya. Ya koma `1x`. Ta ja saƙon ya dawo farko.

FITOWA TA 4 (1:45 zuwa 2:08)

Daga nan kamara ta bar allon waya, ta tsaya a fuskar Baba har saƙon ya ƙare, ba yanka ko ɗaya. Wadda za ta yi muryar Mama kada ta yi ta da kuka ko rauni. Lafiyarta lau ranar da ta aika, hankalinta na kan hidimar gida, akwai ma ƙarar ruwa na zuba a bayanta. A naɗi muryar da waya, kada a kai ta situdiyo.

MURYAR MAMA: Malam, ka isa lafiya? Ga tabaranka nan ka bari a kan tebur, ban san da me za ka yi karatu yau ba. Maganin rana yana aljihunka na dama, na sa maka, kada ka ce ka manta. In ka ga Auta ka ce ta kira ni, tun jiya nake nemanta. To, sai ka dawo.

Leɓen Baba na motsi tare da ita, ya haddace kowace kalma. Da ta zo kan magani, hannunsa ya tafi aljihun dama da kansa. Da ta ce "sai ka dawo", ya gyaɗa kai kamar mai amsawa.

BABA (a hankali): Ita ce. Allah ya jiƙanki.

Babu rubutun allo a nan. Auta ba ta ce komai ba. Kamara ta sunkuya ta dubi hannayenta da ke kan cinya, ta ɗan jima, sannan ta ɗago.

FITOWA TA 5 (2:08 zuwa 2:40)

BABA: Ki nuna min wurin, don kada in sake.

Hannun Auta ya kama yatsan Baba, ya ɗora shi a kan maɓallin. Suka danna tare: `1.5x`, `2x`, `1x`.

BABA: Au, zagayawa yake yi? In na ɓata sai in ci gaba da dannawa har ta dawo?

AUTA (a rubuce): Haka ne, Baba.

Ya yi 'yar dariya, ya share gefen ido da bayan hannu, ya mayar da tabarau.

Da sauri a nuna abu uku. Auta ta danne saƙon ta sa masa tauraro. Ta tura shi zuwa wayarta, a ji tata wayar ta yi ƙara a cikin jakar da ke ƙasa. Sannan ta shiga `Settings`, `Chats`, `Chat backup`, ta danna `Back up`. Kafin layin ya cika, sanarwar ƙarancin caji ta fito.

AUTA (a rubuce): Ina cajarka?

BABA: Tana nan... (Ya laluba gefen kujera, ya ɗaga matashi, ya dubi kamara.) Da mamanku ce, da tuni ta faɗa min inda na ajiye.

Kamara ta miƙe, ta je wurin jaka, hannu ya zaro cajar Auta, ya jona wayar Baba a bango kusa da kujerarsa. Ta dubi hanyar ɗaki sau ɗaya, kamar yadda ta yi a farko, sannan ta dawo ta zauna inda take.

BABA: Ba wanka kika ce za ki yi ba?

AUTA (a rubuce): Anjima. Sake kunna mana.

Yatsan Baba ya nufi allon. Hoto ya yi baƙi. A cikin duhun a ji farkon saƙon:

MURYAR MAMA: Malam, ka isa lafiya?

Yanke.

Ga masu shirya wayar da za a yi aiki da ita: a ƙirƙiri hirar da layi biyu na ma'aikatanmu, a canja dukkan sunaye, kuma a tabbata lambar kowa ba ta fito a allo ba. A ƙara girman rubutun wayar zuwa `Large` kafin a fara, haka wayar dattijo take, kuma zai fi karantuwa a bidiyo. Fitowa ta 4 a bar ta zuwa ƙarshen aiki, kada Baba ya ji muryar Mama a daidai saurinta sai kamara na ɗauka.

Rubutun da zai raka bidiyon: Muryar wa kake ajiye da ita a wayarka?