Roƙon Sake Duba Ƙin Biyan Kuɗin Maganin Adalimumab

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Duba Ƙorafe-ƙorafe,

Bayan gaisuwa. Ni ce likitar da ke duba wannan baiwar Allah mai shekara 41, wadda kuka ƙi biya wa kuɗin adalimumab bisa hujjar wai bai zama dole ba. Ban gamsu da hujjar ba.

Ciwonta ba sanyin ƙashi na tsufa ba ne. Garkuwar jikinta ce ke cin gaɓoɓinta, gwajin jini ya tabbatar. Ta yi wata 8 tana shan methotrexate, har muka kai miligiram 25 a mako, muka haɗa da sulfasalazine, amma kumburi bai lafa ba. Hoton hannunta na watan jiya ya nuna ƙashi ya fara zaizayewa, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Tela ce, yanzu ko almakashi ba ta iya riƙewa.

Ƙa'idarku da kanta ta amince da wannan magani idan na farko sun gaza, kuma sun gaza. Ina neman allurar miligiram 40 duk mako biyu, na wata 6, sannan mu auna. An yi mata gwajin tarin fuka da ake buƙata kafin a fara wannan magani, ba ta da shi.

Don Allah ƙwararren likitan gaɓoɓi ya duba sakamakon da na haɗo, a ba mu amsa a rubuce.

Na gode,
Likitarta