Atisaye na 3: hoton "gadar hanyar Daura", abin da za ku yi kafin ku ce a buga

Salam 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ga atisayen wannan satin, dan Allah kowa ya karanta har ƙarshe kafin ya fara, don wancan karon mutum huɗu suka kawo mani aiki ba su ma ga tambayar ƙarshe ba.

Hoton da na tura maku ɗazu shi ne aikin. Wata gada ce ruwa ya yanke ta gida biyu, tirela ɗaya ta kifa hanci a ƙasa, mutane sun yi cirko-cirko a bakin wajen, akwai wani allo can gefen dama an ɗan yanke shi. Rubutun da ke yawo da shi cewa yake: "Innalillahi, yanzu-yanzu gadar da ke tsakanin Mashi da Daura ta karye, kar kowa ya bi hanyar, a tura ma 'yan uwa." Ku ɗauka ƙarfe 9 na safe ne ranar Talata cikin watan Agusta, hoton ya shigo maku ta WhatsApp sau uku, edita na tsaye a kanku yana cewa wasu sun riga sun sa. Minti 40 gare ku.

Mataki na farko, ku aje hoton da rubutunsa daban-daban a cikin kanku. Wannan shi ne abin da na fi so ya zauna maku. Mafi yawan hotunan da suka taɓa yaudarata ba haɗin kwamfuta ba ne, hotuna ne na gaskiya, an ɗauke su da gaske, abin ya faru da gaske, sai dai wani gari ne ko wata shekara ce, wani ya zo ya liƙa masu sabon labari. Don haka kar ku tsaya kan "hoton na gaske ne ko na bogi?" kawai. Ku rubuta abin da rubutun ke iƙirari ɗaya bayan ɗaya: gada ta karye, a hanyar Mashi zuwa Daura, yau da safe. Uku ke nan, kuma kowane sai an tabbatar da shi shi kaɗai. Ku yi sikirinshot na saƙon yadda ya zo maku da lokacinsa, saboda masu irin wannan fostin suna gogewa da zarar an gano su, in ba ku aje ba sai ku zo kuna cewa wallahi na gani.

Na biyu, wa ya turo, shi kuma wa ya turo mashi. Ku duba saman saƙon, in kun ga `Forwarded many times` to ya riga ya bi hannu da yawa, wanda ya turo maku bai san komai ba, ya gani ne ya tura kamar kowa. Duk da haka ku tambaye shi, cikin ladabi, musamman in babba ne: "Baba, wannan hoton ku kuka ɗauka ko turo maku aka yi?" Amsar da za ku ji kusan kullum ita ce "a gurup ɗinmu na gani". Ku bi gaba mutum biyu ko uku, in igiyar ta tsinke ku rubuta inda ta tsinke.

Na uku shi ne binciken hoto da hoto, a nan aikin ya fi yawa. Ku sa hoton a Google Lens, ku duba `Exact matches`, ba masu kama da shi muke nema ba, shi kansa muke nema. Sannan ku kai shi TinEye ku jera sakamakon da `Oldest`, zai nuna maku mafi tsufa a cikin waɗanda ya tattara. Kar ku tsaya a guda, ku gwada Yandex da Bing suma, sau da yawa abin da wannan bai gani ba wancan ya gani. In ba ku samu komai ba ku yanke rubutun da aka manna a jikin hoton ku sake, ku yanko tirelar kaɗai ku sake, ku juya hoton hagu ya koma dama ku sake, don masu wayo suna juya shi ne da gangan don kar a gane. Kuma in kun samu hoton a wani shafi da kwanan wata na shekarun baya, shi ke nan "yau da safe" ya faɗi, amma fa ku kula, kwanan watan da kuka gani ba lallai ne ranar da aka ɗauka ba, yana nuna maku ne kawai cewa hoton ya riga ya wanzu kafin wannan ranar. In kuma ba ku same shi ko'ina ba, wannan ba shaida ba ce cewa sabo ne. Hotuna da yawa na ƙauyukanmu a WhatsApp kawai suke yawo, injin bincike bai taɓa ganinsu ba.

Ku haɗa da binciken kalmomi, da Hausa da Turanci, har da Faransanci in kun ga alamar Nijar. Google na barinku ku tsayar da shi kan tsofaffin sakamako, misali:

```
gada ta karye tirela ambaliya before:2024-01-01
```

Ku leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check da AFP Fact Check ko sun riga sun yi aiki a kansa, babu amfanin ku ƙona data kan abin da wani ya gama.

Kar ku ga kamar wasa ne wannan matakin. Hoton gawawwakin mutanen da suka ƙone lokacin da tankar mai ta fashe a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a watan Yulin 2010, mutum sama da 200 suka mutu, an yi shekaru ana yaɗa shi ana cewa kisan addini ne a Najeriya. Lokacin satar 'yan matan Chibok a 2014 ma wasu hotunan 'yan matan da duniya ta yi ta yaɗawa a ƙasar Gini Bisau aka ɗauke su, shekaru kafin abin ya faru. Ni kaina ban tsira ba. Ranar da babbar kasuwar Katsina ta kama da wuta a watan Maris na 2021, ina wani wajen aiki a lokacin, gobarar gaskiya ce kowa ya ga hayaƙin, sai na ɗauki wani hoto mai ban tsoro da aka turo mani na sa, ashe na wata kasuwa ce a wani gari. Wani ɗan kasuwa ne ya kira ya ce "Malam, wannan ba layinmu ba ne, mu ba mu da bene a nan." Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ba. Labarin daidai, hoton ƙarya, kuma ranar da abu ya faru da gaske ne aka fi cusa tsofaffin hotuna, saboda kowa hankalinsa a tashe yake.

Na huɗu, ku buɗe hoton ku zuƙo shi ku kalla da idonku kamar wanda ke neman allura. Lambar tirelar ta Najeriya ce? Tamu fara ce, ta haya rubutunta ja, ta gida shuɗi, ta gwamnati kore, kuma akwai haruffan ƙaramar hukuma kamar KTN ko DRA. Amma tirela mai yawo ce, lambar Legas na iya faɗawa rami a Mashi, don haka ku fi ba ƙananan motoci da mashina da ke tsaye muhimmanci. Allon nan na gefen dama, da wane yare aka rubuta? Kayan da mutane suka sa fa, da kakin jami'an tsaro in akwai? Sai ƙasar wajen. Ku da kuke bin hanyar Daura kun san yadda take a Agusta, gero ya tashi, ko'ina kore, ga bedi da gawo jefi-jefi, ƙasa mai rairayi. In kun ga jar ƙasa da kwakwar manja da duwatsu masu daji a baya, ai ba sai an faɗa maku ba. Inuwa ma tana magana, an ce da safe ne, to inuwar mutanen doguwa ce ko tana ƙarƙashin ƙafarsu? In gajera ce rana ta take, ba safiya ba ce. Sannan ku buɗe Google Earth ku bi hanyar daga Mashi har Daura ku ga ko akwai gada mai wannan faɗin da irin wannan lanƙwasar.

Na biyar a gurguje, bayanan cikin fayil, wato lokaci da wurin ɗauka da waya ko kyamara ke ajewa a cikin hoton. Hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook an riga an share mashi su, kar ku ɓata lokaci. Sai in kun samu wanda ya ce shi ya ɗauka, ku ce ya turo a matsayin `Document`, ku duba `Details` a waya, ko a kwamfuta:

```
exiftool hoto.jpg
```

Ku nemi `Date/Time Original` da `GPS Position`. Ana iya canza su, don haka ƙarin shaida ne kawai. Abin da ya fi shi sauƙi, ku ce ya turo wani hoton na wajen daga wani gefe, wanda ya tsaya a wajen da gaske ba ya ɗaukar guda ɗaya tak.

Na shida, ku aje kwamfuta ku ɗauki waya. Wannan Daura ce ba wata duniya ba, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga nan Katsina. Ku kira 'yan yuniyon na tasha ku tambaya motar Daura ta shigo yau, ta wace hanya ta biyo. Direban da ya taso da asuba ya fi duk manhajojin nan sanin ko gada na nan. Ku kira wani a Mashi, ku kira jami'an kiyaye haɗurra ko hukumar agajin gaggawa ta jiha. Mutum biyu aƙalla waɗanda ba daga bakin juna suka ji ba. Kuma ku iya tambaya, kar ku ce "an ce gada ta karye ko?" don zai ce maku eh haka muka ji. Ku ce "ka bi hanyar yau? me ka gani?"

Abin da za ku kawo mani: shafi ɗaya, kar ya wuce. Iƙirarin nan uku, kowane da hukuncinsa, gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba a tabbatar ba, tare da sikirinshot da adireshin inda kuka samo. Wanda ya rubuta "ba a tabbatar ba" ya nuna mani abin da ya gwada zai fi samun maki kan wanda ya ce ƙarya ne don kawai ransa ya ba shi. Kiran wayar kuwa tunda atisaye ne ba sai kun tayar ma kowa da hankali ba, ku rubuta wa za ku kira da ainihin tambayar da za ku yi mashi.

Tambayar ƙarshe, wadda ake tsallakewa: a ce kun gano hoton tsoho ne na wani gari, amma direba ya ce maku lallai ruwa ya ci gefen wata kwalbati a hanyar jiya da dare, ana wucewa a hankali. Ku rubuta mani kanun labarin da jimla biyu na farko yadda za ku buga, ku faɗi wane hoto za ku sa ko ba za ku sa ba sam, in kuma za ku nuna tsohon don gargaɗi, me za ku rubuta a jikinsa don kar wani ya yanke ya sake yaɗawa da sunanmu.

A kawo ranar Alhamis kafin la'asar. Kowa ya yi nasa, in na ga sikirinshot iri ɗaya da batir kashi 23 a takarda biyu zan gane.