Tashi Ka Zama Mikiya: Jawabin Babban Baƙo a Daren Baje Kolin Basirar Ɗalibai

(Mai wasan zai fito da baƙar kwat da baƙin tabarau, da agogo a kowane hannu, wani yaro yana biye da shi ɗauke da kwalin littattafai. Zai ƙwanƙwasa makirufo sau uku kafin ya buɗe baki.)

Assalamu alaikum. Ku sake amsawa, domin wannan amsar ta waɗanda suka kwana a kan garin kwaki ce, kuma arziki ba ya shiga maƙogwaron da babu ƙarfi.

Mai gabatarwa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ya tauye mini muƙamai huɗu, don haka zan gyara masa. Wanda ke tsaye a gabanku shi ne Dakta, Ambasada, Injiniyan Zukata, Garkuwan Matasa, Fitilar Masu Neman Fitila. Sunana na yanka kuwa ba na faɗinsa a taron da aka shiga kyauta. Digirin nan nawa na dakta a yini ɗaya na same shi, a ɗakin taro na wani otal, tsakanin azahar da la'asar, alhali malamanku sun kwashe shekaru suna fama da ɗakin karatu kafin su samu irinsa. Wannan shi ake kira sanin darajar lokaci.

Ƙannena, Alhaji Aliko Ɗangote a nan Kano aka haife shi a 1957, kuma awa 24 gare shi a rana, daidai da naku, wato minti 1,440, ba a ƙara masa ko ɗaya ba. Me ya sa shi yake da matatar mai a Legas, kai kuma kake da bashin mai shayi? Na ji wani a baya yana cewa ai tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne. A rubuta sunan yaron nan. Irin wannan sanin tarihin ne yake hana mutum ci gaba.

Ni da kuke gani, daga babu na fara. Lokacin da na shigo birnin nan ba ni da komai a duniya sai buri, da tawakkali, da gidaje biyu da mahaifina ya bar mini a Fagge. Na sha wahala ƙwarai, domin akwai watan da ƴan haya suka makara wajen biya har kwana tara, amma ban karaya ba.

(Zai cire tabarau, ya share hawayen da babu, ya mayar.)

A 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwar Dutsen Everest, mai tsawon mita 8,849. Da na karanta labarinsu sai na ce abin da mutum ya yi, mutum zai yi, na ɗaura ɗamara na nufi Dutsen Dala. Na kai tsakiya, na tsaya, na dubi sama, sai na fahimci cewa a zuciyata na riga na isa, saboda haka na sauko na sayi fura.

Yanzu kowa ya juya ga maƙwabcinsa ya ce masa, “Ni mikiya ce, ba kaza ba.” Da ƙarfi! Mikiya ba ta tsoron jarrabawa. Malami ya ba ka F, ka yi murna, domin F farin jini ne, F fasaha ce, F fatan alheri ne. Wanda ya maimaita darasi sau uku bai faɗi ba, jami'a ce ta kasa rabuwa da shi. Mikiya kuma ba ta barci. Ni ƙarfe uku na dare nake tashi, in tsara manufofina, in yi wa madubi jawabi, sannan in ɗan kishingiɗa zuwa azahar.

Sauran sirrin yana cikin littafina, Arziki Cikin Kwana Bakwai, wanda na shekara goma sha ɗaya ina rubutawa. Kuɗinsa naira 5,000, amma saboda ƙaunar da nake yi muku, duk wanda ya sayi biyu zai biya naira 10,000 kacal. Babi na farko yana koyar da yadda ake rubuta littafi a sayar wa ɗalibai.

Dole in taƙaita, domin jirgina yana jira.

(Wani zai shigo da rigar masu adaidaita sahu, yana kaɗa makulli.)

DIREBA: Alhaji, tun ɗazu nake jira a bakin ƙofa. Ɗari biyar ɗina, da ta jiya.

MAI JAWABI: Jama'a, ga matuƙin jirgin nawa, a tafa masa. Malam, kai mikiya ce ko kaza?

DIREBA: Ni mai bin ka bashi ne.

MAI JAWABI: (yana laluben aljihu, ya sassauta murya) Don Allah, a cikin mikiyoyin da ke layin gaba, wa ke da dubu ɗaya zuwa ranar Juma'a?