Littafin Hajiya Talatu

Shekara goma sha ɗaya Hajiya Talatu ta yi tana sayar da wake a Kasuwar Rimi ta Kano ba tare da ta taɓa rubuta ko sisi ba, domin lissafinta a ka yake, kuma a ganinta ba shi da wata wahala. Tana saro buhu a Dawanau a kan naira 80,000, buhu kuwa kwano arba'in ne, kowane kwano tana sayar da shi naira 2,400. Saboda haka ta daɗe da yarda cewa buhu biyar ɗin da take karyawa a wata suna bar mata ribar naira 80,000, kuma a kan wannan yarda ce ta shiga adashen naira 30,000 duk wata.

Da ta fara zuwa ajin yaƙi da jahilci na yamma, malamarsu ta umarci kowace ɗaliba mai sana'a ta sayi littafi ta riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Hajiya Talatu ta bi umarnin ne don hannunta ya saba da alƙalami kawai. A daren ƙarshe na wata, bayan sallar isha'i, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kira 'yarta Maryam ta haska mata da fitilar waya.

Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne yawan kwanukan. Ta ƙirga sau uku, amma babu buhun da ya ba ta fiye da kwano 38, domin tsakuwa da ƙaiƙayi da waken da ƙwari suka huda suna tafiya wajen tsinta, sauran kuma yana bin hannun gyaran da take ƙara wa kowane mai saye, wanda shi ne ya sa aka san rumfarta a layin. Cinikin wata ya tsaya a naira 456,000, wato naira 56,000 ne kawai a kan kuɗin sari.

"Umma, ba ki cire kuɗin mota ba," in ji Maryam a hankali.

Ta cire naira 10,000 na mota da 'yan dako. Ta cire 11,000 na hayar rumfa da leda da mai gadi da masu shara. Kuɗin Adaidaita Sahu, wanda ba ta taɓa ɗaukarsa a matsayin kuɗin kasuwa ba saboda kullum daga bakin zani take kunto shi, naira 600 ne a rana, kuma a kwana 26 ya zama 15,600. A shafin ƙarshe akwai bashin kwano uku da wata maƙwabciya ta karɓa, wanda kunya ba za ta bar Hajiya ta tambaya ba, shi ma naira 7,200 ne.

Maryam ta danna lissafin a waya, ta juyo mata da fuskar wayar ba tare da ta ce komai ba. Naira 12,200.

Hajiya Talatu ta daɗe tana duban lambar, sannan ta karɓi alƙalami ta sake bin layukan ɗaya bayan ɗaya, tana fatan ta tarar da inda ta rubuta abu sau biyu. Ba ta tarar ba. Sai a lokacin ta tuna cewa shekara biyu da suka wuce buhu bakwai take ɗaukowa daga Dawanau, bara suka koma shida, bana kuma biyar, alhali kullum tana ɗora laifin a kan tsadar kaya. Tsadar gaskiya ce, amma adashen da take alfahari da shi, wanda da kwasarsa ta yi wa babbar 'yarta kayan ɗaki, daga uwar kuɗi yake fita.

"Kada ki gaya wa babanku tukuna," ta ce, ta rufe littafin ta sa shi ƙarƙashin matashi.

Washegari ta biya ta gidan uwar adashe ta roƙi a mayar da ita rabin hannu idan wannan zagayen ya ƙare, ta kuma haɗiye tambayoyin da suka biyo baya da murmushi. Da hantsi wata tsohuwar abokiyar cinikinta ta zo ta auni kwano biyu, ta buɗe bakin leda tana jira.

"Hajiya, ina gyarana?"

Hajiya Talatu ta tsoma hannu cikin waken kamar yadda ta saba, ta cika tafinta, ta ɗan dakata, sannan ta saki rabi ya koma cikin buhu. Da matar ta tafi, ta jawo littafin daga ƙarƙashin teburi, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta a samansa da manyan haruffa marasa daidaito: GYARA.