Sanarwa ga ma'aikatan asibiti: taƙaita manyan antibayotik da sake duba magani bayan kwana biyu

Daga: Kwamitin kula da amfani da antibayotik
Zuwa ga: Likitoci, nas-nas, ungozoma, ma'aikatan famasi da na lab
Katsina, Alhamis 30 ga Janairu 2025

Assalamu alaikum, barkanmu da aiki.

Satin da ya wuce mun zagaya wod-wod muna duba foldoji, kuma gaskiya abin da muka gani ne ya sa aka rubuto wannan takarda. A wod ɗin maza mun tarar da wani dattijo kwanan shi tara ana mashi seftriyazon, zazzaɓi ya sauka tun rana ta uku, yana cin tuwon shi har yana fita alwala da ƙafar shi, amma a folda kullum abu ɗaya ake rubutawa, a ci gaba da magani, babu wanda ya rubuta dalilin farawa balle ranar tsayawa, ga ɗan shi kullum yana layin famasi yana ƙirga kuɗi. Ba mutum ɗaya ake zargi ba, ni kaina na sha yin haka ranar da layi ya yi tsawo.

To daga Litinin 3 ga Fabrairu ga yadda za a yi.

Merofenem, bankomaisin, fiferasilin-tazobaktam da kolistin, famasi ba za su bada ko kwalba ɗaya ba sai da sa hannun konsaltan. In dare ne ko ƙarshen mako babban likitan da ke kan kol ya sa hannu, konsaltan ya tabbatar da safe. Seftriyazon da sifro na allura kowane likita zai iya farawa amma na awa 48 kawai za a bada, kuma sai an rubuta cutar da ake zargi, da rana da lokacin da aka fara. Kalmar zazzaɓi kaɗai ba ta isa dalili ba, haka sakamakon Widal shi kaɗai, a yi gwajin maleriya tukunna. Inda amoksisilin, amfisilin, jentamaisin, kuloksasilin ko filajil za su yi aiki, da su za a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta kasa magungunan nan gida uku, kuma seftriyazon da muke rabawa kamar goro yana rukuni na biyu ne, na waɗanda ake sa wa ido saboda saurin da ƙwayoyin cuta ke yi wajen sabawa da su.

Don Allah kar a fahimce mu a baibai. Mara lafiyar da ya zo jini ya yi ƙasa ana zargin cuta ta shiga jini, ko yaron da ya zo wuya a sanƙare, musamman yanzu da lokacin sanƙarau ya kama, a ba shi allurar farko nan take cikin awa ɗaya, takarda ta biyo baya. A dai ɗibi jini na kalca kafin allurar in hali ya yi, don in magani ya riga shiga jiki sau da yawa lab ba sa ganin komai.

Maganar awa 48 ita ce uwar tafiyar. Nas mai kula da wod za ta manna jar sitika a bangon folda da ranar dubawa. Ranar likita zai tsaya ya duba zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, ko yana ci yana sha, da abin da lab suka turo, sannan ya rubuta ɗaya cikin huɗu da hannun shi: a tsayar, a koma na sha, a canza zuwa ƙaramin maganin da kalca ta nuna, ko a ci gaba tare da dalili da ranar ƙarewa. In ba a rubuta ba famasi za su bugo wa likitan waya kafin su saki na rana ta uku, nas kuma kar ta tsallake allura da kanta, ta nemo likita. Wanda zazzaɓin shi ya sauka kuma yana haɗiye abinci ba ya amai, ban ga dalilin da za a bar mashi kanula tana kumbura mai hannu ba.

'Yan tiyata, na rigakafi allura ɗaya ce cikin minti 60 kafin yanka, ba na kwana biyar ba. Ɗakin jarirai ku tuna ba a ba jariri mai shawara seftriyazon, kuma ba a haɗa shi da ruwan da ke da kalsiyam irin Ringa.

Mun san 'yan uwan majinyata za su matsa, a wajen su in ba allura to ba a yi magani ba. A yi masu bayani cikin lalama, Baba ya samu sauƙi ne shi ya sa aka maida shi kan ƙwaya.

Lab sun yi alkawarin bugo waya da zarar wani abu ya tsiro a kwalba. Kwamiti zai riƙa zagayawa duk Laraba ƙarfe 10 na safe, sitika da fom suna ofishin metiron, mai ƙorafi ya same mu a famasi bayan azahar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Shugaban kwamiti